Mako Shida Ban Neme Ta Ba, Me Zan Rubuta Mata Yanzu?

Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 33 a Kano, ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa. Gwaggona ce ta haɗa ni da 'yar ƙawarta, malamar makaranta. Na je gidansu sau biyu, mun yi kamar wata guda muna waya, kuma ta kwanta min a rai. Da kaka ta yi sai aka tura ni Taraba sayen shanshera, tsakanin Mutum Biyu da Tella. Kwana goma aka ce, ya zama mako shida. Ta turo min saƙo sau biyu. Na farko na amsa da "ina zuwa", na biyu ban amsa ba. Yau kwanana huɗu da dawowa, kunya ta hana ni kira. Ga abin da na rubuta ban tura ba: "Slm, kwana biyu. Wlh aiki ne ya riƙe ni, kin san yanayin aikinmu. Ina fatan ba ki yi fushi ba, har yanzu kina raina." In tura? Da gaske nake son auren nan.

Wani ɗanki daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka tura. Ka gode Allah da Ya sa ɗan yatsanka ya tsaya, domin wannan saƙon da ya isa wayarta da ya ƙarasa abin da shirunka ya fara.

Abu biyu ne suka faru, kai kuma ka ƙulle su a ƙulli ɗaya ka rubuta "aiki" a kai. Na farko rashin zuwa. Wannan aiki ne ya jawo shi, babu mai hankalin da zai ce ka baro motar da ake yi wa lodi a Taraba ka taho Kano zance. Na biyu shiru. Wannan ba aiki ba ne. Na san yadda sayen amfanin gona yake a lokacin kaka: tun asuba kana bakin awo, kana duba danshi, kana ja-in-ja da dillalai a kan farashi, kana lissafin 'yan dako, a yi ta lodi har dare ya raba. Amma a cikin kwana 42 ɗin nan ka kira ofis, ka kira direbobi, ka tura wa manaja hoton takardar awo, kuma na tabbata ka gaida mahaifiyarka. Wayar da ta yi duk wannan ita ce ta kasa rubuta layi biyu. Yarinyar nan ta san haka. In a WhatsApp kuke magana, ta ga lokacin da ka buɗe saƙonta, watakila ma ta sha ganin kana kan layi da daddare. Saboda haka duk wasiƙar da ta ɗora laifin shirun a kan aiki, tun layin farko za ta san ba a gaya mata gaskiya ba, sauran kuma ba za ta karanta da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya same ka ya sami maza da yawa, kuma ga yadda yake tafiya. Makon farko gajiya ce ta gaske. Mako na biyu ka ce bari in sami natsuwa in kira ta mu yi doguwar hira, ba saƙon gaggawa ba. Natsuwar ba ta zo ba. Mako na uku sai ka ga ai yanzu kira kawai ba zai isa ba, sai da bayani, kai kuma ba ka shirya bayanin ba. Daga nan kullum kiran sai ƙara nauyi yake, har ka dawo gida kana ɗauke da shi. Wato mako ɗaya na aiki ne, biyar na kunya. Wannan ita ce gaskiyar, kuma abin mamaki ita ce ta fi sauƙin yafewa. Mace za ta iya fahimtar namijin da kunya ta ɗaure. Wanda ya ce mako shida bai sami minti biyu ba, ko dai ƙarya yake, ko kuma ita ce ba ta kai darajar minti biyun ba, kuma duk wanda ta zaɓa a ciki ba alheri ba ne gare ka.

Kafin wasiƙa akwai gidan Gwaggo. Da a hanya ka ga yarinyar nan ka karɓi lambarta, da tsakaninku ne kawai. Amma Gwaggonka ce ta je wurin ƙawarta ta ce ga ɗana, na yarda da shi. Mutuncinta ta ajiye a gidan nan. A cikin makonnin da ka ɓace, kusan tabbas an haɗu a biki ko a gidan suna an ce mata, "Hajiya, ina ɗan namu, shiru?" ita kuma ta rasa ta cewa. Ka je mata yau da ƙafarka, ba a waya ba. Ka durƙusa ka faɗa mata abin da ka faɗa min, har da saƙon da ba ka amsa ba. Za ta yi maka faɗa, ka haɗiye, hakkinta ne. Sannan ka roƙe ta abu ɗaya: ta jiyo maka halin da ake ciki a gidan.

Dalilin wannan roƙon shi ne, mako shida a gidan da ake da budurwar da ta isa aure lokaci ne mai yawa. Kai ba ka kai gaisuwar iyaye ba, ba ka turo magabata ba, ba a ba ka ba. Zuwa biyu da hirar waya ba su ɗaure kowa ba, don haka in wani ya fito a bayanka babu wanda ya ci amanarka. Kuma in har magana ta yi nisa, an amince wa wani an tsaya a kansa, to addini ma ya hana ka kutsawa. Hadisi ne sananne cewa kada mutum ya yi nema a kan neman ɗan'uwansa, kuma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa hanin yana hawa ne idan an riga an karkata ga na farkon, an natsu da shi. Gwaggo za ta san wannan cikin wuni ɗaya. In ta ce maka ƙofa a rufe take, wasiƙarka ta zama ta ban haƙuri zalla, layi uku, babu "ina so mu ci gaba" a ciki. In ta ce babu wanda aka tsayar, sai dai ran mutane a ɓace yake, to sai ka zauna ka rubuta.

Kada ka bar Gwaggo ta ba da haƙurin a madadinka ka ce shi ke nan. Ita za ta gyara tsakaninta da ƙawarta. Tsakaninka da yarinyar kai ne za ka gyara, kuma kada ka wuce kwana ɗaya ko biyu bayan ka ga Gwaggo. Labarin dawowarka zai isa gidan ta bakinta, kuma duk kwanan da ya ƙaru bayan haka sabon laifi ne wanda Taraba ba za ta ɗauke maka ba.

Na fi so ka rubuta a kan ka kira. Kira yana tilasta mata ta amsa nan take, alhali ba ta shirya ba, watakila tana aji ko tana gaban mahaifiyarta. Kunya za ta sa ta ce "ba komai" a gajarce, ka ajiye waya kana murna, ita kuma komai na nan. Saƙon murya ya fi kira, amma mai jin kunya in ya fara magana yakan yi ta zagaye, a ƙarshe minti biyar ya ƙare a labarin dillalai. Rubutu yana ba ta damar karantawa sau uku, ta kwana a kansa. Kuma ka sa a ranka ba ita kaɗai za ta karanta ba. Za ta nuna wa yayarta ko aminiyarta, watakila a karanta wa Umma. Ka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba in an karanta shi a tsakar gida. Wannan kaɗai ya isa ya kore "Slm" da "Wlh". Mai neman afuwa ba ya tsuke sallama, kuma ka tuna malamar makaranta kake rubuta wa, wadda take wuni da jan biro a hannu.

"Kwana biyu" gaisuwar wanda aka rabu lafiya ce, tana ƙaramta abin da ya faru. "Kin san yanayin aikinmu" kuwa, ba ta sani ba, domin ba ka taɓa zaunar da ita ka faɗa mata ba, kuma jimlar tana ɗora mata nauyin fahimta tun kafin ka ɗauki nauyin laifi. Mafi muni ita ce "ina fatan ba ki yi fushi ba". In ta ce ta yi fushi ta zama mai ƙorafi, in ta ce ba ta yi ba ta yi ƙarya, ka ga ka sa ta a kwana. "Har yanzu kina raina" gaskiya ce a wurinka, amma a wurinta magana ce da babu shaida, tunda wanda yake rai ana nemansa.

Ga yadda zan so ta kasance. Kada ka kwafa kalma da kalma, ka mayar da ita bakinka:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, da Umma da kowa da kowa a gida.

Na rubuto ne in ba ki haƙuri. Mako shida ke nan ban neme ki ba. Kin turo min saƙo sau biyu, na farko na ce ina zuwa ban dawo ba, na biyu ban amsa ba. Ban kyauta miki ba.

Wurin aiki ne suka tura ni Taraba sayen shinkafa, aka ce kwana goma, aikin ya kai mako shida. Wannan ne ya hana ni zuwa, amma ba shi ya hana ni kira ba. Da farko gajiya ce, daga baya kuma da na ga kwanaki sun ja sai kunya ta kama ni, na yi ta ɗagawa. Laifina ne, babu abin da kika yi min.

Na dawo ranar Lahadi. Na je na ga Gwaggo na ba ta haƙuri ita ma.

Niyyata a kanki ba ta canja ba, aure nake nema. In kin amince, kuma an ba ni izini a gida, ina so in zo ranar Asabar ta makon gobe bayan la'asar in gaida Umma, in yi miki bayani baki da baki. In kina bukatar lokaci, ki ɗauka. In kuma kin ga ba za ki iya ci gaba ba, ko wani abu ya canja, ki faɗa min ko ki faɗa wa Gwaggo, ba zan ga laifinki ba.

Na gode da kika karanta."

Ka lura bayanin aikin layi biyu ne kacal. Na san zuciyarka za ta so ka zuba labarin wahalar da ka sha, motar da ta lalace a hanya, kwanan da ka yi a kan buhuna, don ta tausaya maka. Ka ajiye wannan sai an zauna, lokacin zai zama hira mai daɗi. A cikin wasiƙar, duk layin da ka ƙara a kan wahalarka yana rage nauyin haƙurin, har ta ƙare ita ce ake jira ta ce maka sannu. Abin da ake bukata shi ne sunan wuri, irin aikin, da tsawon lokaci, abubuwan da in an tambayi Gwaggo za ta ce haka ne.

Ka kuma lura na sa ka ƙirga laifin da kanka: mako shida, saƙo biyu. Ita ta riga ta ƙirga, har da kwanaki. In ta ga lissafinka ya yi daidai da nata, za ta san ka san girman abin. Jimlar nan ta "babu abin da kika yi min" kuma kada ka cire ta ko da za ka cire komai. Macen da aka yi wa shiru bayan an zo an gan ta sau biyu ba Taraba take tunani ba. Tunaninta shi ne me ya gani a jikina, wace magana na faɗa, wa ya kai masa suka, ko kuwa gidanmu ne bai yi masa ba. Mako shida tana wannan bincike a kanta. Ko da ba za ta dawo gare ka ba, ka sauke mata wannan kayan.

Ranar da ka ambata ita ce ƙashin bayan wasiƙar. "Zan shigo in sha Allahu" ba tare da rana ba ɗan'uwan "ina zuwa" ne, kuma ta riga ta ga inda wancan ya ƙare. Amma kada ka sa ranar da ba ka da iko da ita. Ka tambayi ofis tukuna ko akwai wata tafiya a gaba. In ka ce Asabar bayan la'asar sannan aka tura ka wani wuri ranar Juma'a, babu wasiƙa ta biyu da za ta yi aiki.

Kada ka haɗa saƙon da kati, ko data, ko kuɗi a asusu. Kyauta a lokacin da ake lafiya toshi ce, a lokacin da aka yi laifi kuwa tana kama da toshiyar baki, kuma tana sa mace mai kamun kai a tsaka mai wuya: ta karɓa a ce ta sauko, ta mayar a ce ta yi rashin kunya. In ka zo da tsaraba, kuma mai sayen shinkafa bai kamata ya dawo hannu rabbana ba, ka riƙe ta sai ranar da aka ce ka zo, ka kai wa Umma. Rantsuwa ma ka rage. Wallahi uku a saƙo ɗaya shakka suke jawowa. Ka tura da rana ko da yamma, ba ƙarfe goma sha ɗayan dare ba.

Bayan ka tura, sai ka ɗanɗani kaɗan daga abin da ka shayar da ita. Za ka ga ta buɗe ba ta amsa ba. Kada ka bi da "kin gani?", kada ka kira sau biyar, kada ka ɗora wa'azin yafiya a inda ka san za ta gani. Ka ba ta kwana uku zuwa huɗu. In ranar da ka ambata ta matso babu amsa, kada ka je gidan haka nan ka tsaya a ƙofa, ka koma wa Gwaggo ta tambayo. Daga nan saƙo ɗaya gajere ya rage maka, bayan kamar mako guda. In shi ma shiru, ka karɓi shirun a matsayin amsa, kamar yadda ita ma ta karɓi naka.

In amsa ta zo, ka iya karanta ta. "Allah Ya sa mu dace" ko "ba komai, Allah Ya yafe mana" su kaɗai, ba tare da ta taɓo maganar zuwan ba, yafiya ce amma ba izini ba ce, kada ka ɗauka an koma yadda ake. Ka yi godiya, ka sake tambayar zuwan sau ɗaya cikin ladabi. In ta ce "sai na tambayi Umma" ko "ka yi magana da Gwaggo", wannan alama ce mai kyau, ta mayar da maganar hannun manya ne don kada a sake yi mata wasa. In kuma ta zazzage maka faɗa mai tsawo, kada ka tsorata, kuma kada ka kare kanka layi-layi. Yawanci wanda ya gama da kai ba ya ɓata lokacinsa a dogon rubutu. Ka ce duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ka tsaya a nan.

Akwai maganar da ban sa a wasiƙar ba da gangan, domin ta zama ce, amma dole ka yi ta ranar da ka je. Tafiyar nan ba tsautsayi ba ce, aikinka ke nan. Kaka za ta sake zagayowa, ga kuma shinkafar rani, kuma duk lokacin da ake girbi akwai yiwuwar a ce ka ɗauki jaka. Yarinyar nan ba haƙurin mako shidan da suka wuce kawai ake nema ta yi ba, ana tambayarta ne ko za ta zauna da mijin da zai riƙa yin makonni ba ya gida. Ka faɗa mata sau nawa a shekara, tsawon wane lokaci, da kuma cewa kwana goman da ake faɗa ba kullum yake tsayawa a goma ba. Mata da yawa suna zaune lafiya da direbobi da 'yan kasuwa da sojoji, abin da ba sa iya jurewa shi ne rashin sanin inda mutum yake. Kada ka yi alkawarin ba za ka sake tafiya ba, ba a hannunka yake ba. Ka yi alkawarin da za ka iya cikawa ko kana bakin sikeli: za ta san ranar tafiya kafin ka tafi, in kwanaki sun ƙaru za ta ji daga bakinka a ranar, kuma ba za a kwana biyu ba ta ji ɗuriyarka ba, ko da layi ɗaya ne bayan sallar isha'i.

Sannan ka shirya wa tambayar da mahaifiyarta ko wani kawunta zai aiko maka ta bakin Gwaggo, domin bayan irin wannan ɓacewar ba za a bar ka ka ci gaba da zance babu iyaka ba. Za a ce in da gaske yake ya turo. Ka tambayi kanka tun yanzu wane wata za ka iya tura magabatanka, ka yi magana da mahaifinka ko wanda yake madadinsa kafin Asabar ɗin. Kuma tunda a Kano kuke, inda tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ba laifi ka zama kai ne ka fara kawo maganar ku je gwajin jini da wuri, kafin manya su shiga a ji nauyin juna. In ka ga ba ka da amsar wane wata, to ka cire "aure nake nema" daga wasiƙar, ka rubuta iya abin da kake da shi, ka bar ta ta zaɓa da idonta a buɗe.

In kuma amsarta a'a ce, ka rubuta mata layi biyu: ka gode, ka ce ka fahimta, ka yi mata addu'ar miji nagari. Kada ka tura abokai su roƙa, kada ka sa Gwaggo ta matsa wa ƙawarta har zumuncinsu na shekaru ya taɓu saboda kai. Ka je ka gaida Gwaggo ka shaida mata da bakinka yadda aka ƙare, don kada ta ji a wani wuri.

Antinku